«Ka ɗan haɗa mana taƙaitaccen rahoton taron nan»

Ranar wata Alhamis da hantsi shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, «Malam, ka ɗan haɗa mana taƙaitaccen rahoton taron nan da muka yi, banki ne ke nema. Shafi ɗaya ma ya isa.» Taron da yake nufi an yi shi kwana 11 da suka wuce, ranar Lahadi bayan la'asar, a zauren mai unguwa. Sakatarenmu bai zo ba, ya tafi ta'aziyya garinsu. Ni ne mataimakinsa, amma na iso a makare na zauna can baya, ban lura babu shi ba sai da aka watse. Ba wanda ya rubuta komai, ba wanda ya naɗi murya a waya, kuma takardar sunayen mahalarta ba ta zaga ba.

Na ce, «Ranka ya daɗe, ai ba mu da komai a rubuce.» Ya ce, «Haba Malam, ba kana wurin ba? Abin da aka yi kowa ya sani.»

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce tushen matsalar, kuma na tabbata duk wanda ya taɓa riƙe biro a kwamitin masallaci, ko ƙungiyar iyaye da malamai, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ya taɓa jin irinta. Mai neman rahoton ba mugunta yake nufi ba. A ransa taron yana nan a ajiye cikin kawunan waɗanda suka halarta, kamar hatsi a rumbu, aikin da ya rage kawai a sa hannu a ɗebo. Abin da na koya a makon da ya biyo baya shi ne, rumbun nan kusan fanko ne, kuma ɗan abin da ya rage a ciki ya cakuɗe da tsakuwa.

Ba ni kaɗai na gano haka ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Cambridge ta Ingila, J. Blackburn da E. J. Lindgren, sun taɓa naɗar tattaunawar da aka yi a wani taron ƙungiyar masana irinsu. Bayan mako biyu suka rubuta wa waɗanda suka halarta, suka roƙi kowa ya rubuto duk abin da ya tuna. Da aka gwada amsoshin da abin da aka naɗa, sai aka ga a matsakaici mutum bai tuna ko kashi ɗaya cikin goma na batutuwan da aka tayar ba. Abin da ya fi ɗaure kai, a cikin ɗan abin da suka tuna ɗin, fiye da kashi 40 cikin 100 akwai kuskure babba. Wasu sun kawo maganganun da ba a yi ba sam, wasu sun mai da 'yar magana ta wucewa doguwar muhawara, wasu kuma abin da aka yi nuni da shi kawai suka rubuta shi kamar an furta shi ƙarara. Masana ne fa waɗanda aikinsu ke nan, kuma mako biyu kacal aka yi.

Labarin John Dean ya fi wannan kusa da halin da na shiga. Dean lauya ne a fadar shugaban Amurka Richard Nixon. A watan Yunin 1973 ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dattawa kan badaƙalar Watergate, yana kawo zantukan da suka yi da shugaban ƙasa dalla-dalla, har wasu 'yan jarida suka riƙa kamanta shi da rikoda. Bayan 'yan makonni aka gano ashe akwai na'urar naɗar murya a ɓoye a ofishin Nixon. A 1981 masanin nan Ulric Neisser ya ɗauki shaidar Dean ya jera ta da abin da faifan ya kama. A kan zaman da aka yi ranar 15 ga Satumba 1972, Dean ya ce ya gargaɗi shugaban cewa asirin zai iya tonuwa wata rana. Faifan bai nuna ya faɗi haka a ranar ba. Gundarin abin da Dean ya shaida gaskiya ne, Nixon yana da hannu a rufa-rufar. Amma wane ne ya ce me, a wane zama, nan ne tunawarsa ta zame, kuma zamewar ta karkata wajen ƙara masa girma a labarin. Neisser bai ɗauke shi maƙaryaci ba. Haka ƙwaƙwalwa take aiki: tana riƙe ma'ana, tana zubar da lafazi da adadi da jerin faruwar abubuwa, sannan ta cike gurbin da abin da ya dace da ra'ayin mai ita.

To ga inda gizo ke saƙar. Abin da ƙwaƙwalwa ke zubarwa, shi ne ainihin abin da ake rubuta rahoton taro dominsa. Ba wanda ke buɗe littafin taro don ya ji an tattauna batun ruwa. Ana buɗe shi ne a ga naira nawa aka yanke, wa aka ɗora wa aiki, zuwa wace rana, kuma mutum nawa suka yarda.

Da na ajiye wayar, hanya mafi sauƙi tana gabana. Na san ajandar taron, na san yadda ake tsara rahoto, cikin rabin sa'a zan iya cika shafi: an buɗe taro da addu'a, shugaba ya yi jawabin maraba, an tattauna batun gyaran famfon burtsatse, an amince a tara gudummawa, an amince a canza mai sa hannu a asusun banki, an rufe taro da addu'a. Duk layukan nan ba wanda zai ce ƙarya ne. Amma a duba kalmar da ke ɗauke da su: «an». Hausa ta ba mu wannan ƙaramar kalma mai daɗin aiki, wadda ke ba mutum damar faɗin an yi abu ba tare da ya ce wa ya yi ba. A hira tana rufa asiri, tana hana a kunyata wani. A rahoton taro kuwa maɓoya ce. «An ce a nemo mai gyara.» Wa ya ce? Wa zai nemo? Duk rahoton da ka karanta ka ga «an» ta cika shi daga sama har ƙasa, babu suna, babu adadi, babu rana, to ko dai marubucin bai rubuta komai a wurin taron ba, ko kuwa akwai abin da ba ya so a gani.

Akwai wasu alamun kuma. Rahoton da aka ƙaga yakan bi ajanda sak, batu na ɗaya, na biyu, na uku, alhali duk wanda ya san taronmu ya san ana tsallake batu a dawo masa, wani ya tayar da abin da ba ya cikin ajanda a ɓata minti ashirin a kai. Yakan ce «an amince baki ɗaya» a kowane batu. Kuma ra'ayin wanda ya sa a rubuta shi ne kullum ke yin nasara a ciki. Wannan na ƙarshe ba sai an yi niyya ba. Idan sakatare ba shi da komai a hannu, wurin shugaba zai koma ya tambaya, shugaba kuma abin da ya so a yanke shi zai tuna an yanke.

Abin da ya hana ni bin wannan hanya shi ne inda takardar za ta. Banki ba ya canza masu sa hannu a asusun ƙungiya sai an kawo masa ƙudurin taro da sa hannun shugabanni. Hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, idan ƙungiya za ta yi rajistar amintattunta, tana neman rahoton taron da aka naɗa su. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ajiye rahoton tarurrukansa, kuma rahoton da shugaban taro ya sa wa hannu ana karɓarsa a matsayin shaidar abin da ya gudana, sai in an kawo abin da ya rushe shi. Wato da zarar an buga hatimi an sa hannu, abin da na rubuta ya tashi daga «haka na tuna» ya koma «haka aka yi». Wanda ya yi musu daga baya, shi zai nemo hujja, ba ni ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai ƙin tashi kawai bai isa ba, domin famfo na nan a lalace, mata da yara na zuwa wata unguwa ɗibar ruwa. Na koma wurin shugaba da yamma, na zauna na ce, «Alhaji, rahoton taro irin wanda banki ke so ba zan iya rubutawa ba, don ban rubuta komai a ranar ba. Amma in ka ba ni kwana uku zan tattaro abin da za a iya tabbatarwa, in nuna maka wanda ba za a iya ba.» Bai ji daɗi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in je in yi.

Ban fara da tambayar mutane ba. Na fara da abubuwan da ba sa mantuwa. Dean ma da ya zauna shirya shaidarsa, tsofaffin yankunan jaridu ya bi rana-rana don su tuna masa inda yake da abin da ake ciki. Taron da ba a rubuta ba yakan bar sawu ta gefe. A zauren WhatsApp na ƙungiya na samu sanarwar taron da batutuwa uku da aka ce za a tattauna. Na samu hoto ɗaya da wani matashi ya ɗauka, wayarsa ta nuna ƙarfe 4:52. Na samu saƙonni biyu na mutanen da suka rubuta «ina hanya» bayan ƙarfe biyar. Wurin ma'aji na samu alat na kuɗin da suka shiga asusu tun daga ranar taron. A aljihun mai gyaran famfo kuma akwai 'yar takardar da ya rubuta kuɗin aiki, naira 185,000 na sabon inji da igiyar wuta da ladan hannu. Cikin sa'a biyu na samu ƙashin bayan taron, ba tare da na dogara da tunanin kowa ba.

Sannan na shiga tambayar mutane, kuma a nan akwai ƙa'idar da ba na wasa da ita: ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai. Shugaba ya ba da shawarar a tara mutum biyar a zaure su tuna tare, ya fi sauri. Na roƙe shi kada a yi haka. In aka tara su, wanda ya fi girma zai fara magana, sauran su ce haka ne. Ba kunya kaɗai ba ce, ko da yake kunyar ma tana nan, wane matashi ne zai ce wa dattijo a gaban mutane ba haka aka yi ba? Abin da ya fi kunya haɗari shi ne, da zarar ka ji labarin wani, sai ya shiga cikin naka, gobe ka rantse da kunnenka ka ji. Shaidu biyar da suka tuna tare shaida ɗaya ce aka maimaita sau biyar.

Yadda ake tambayar ma yana da tasiri. In na ce wa mutum, «Dubu biyar aka yanke ko?» na riga na sa masa amsa a baki. Sai na riƙa cewa, «Baba, a kan kuɗin gyara, me ka ji an tsayar?» in yi shiru. In ya faɗi adadi sai in ce, «Daga bakin wa ka ji?» Wannan tambaya ta biyu ita ke raba wanda ya ji a taro da wanda ya ji a shago washegari. Na tambayi mutum shida, na zaɓe su daga wurare daban-daban a hoton, na gaba da na baya, har da wanda na san bai goyi bayan shugaba ba. Kowa na rubuta amsarsa a shafi dabam, da ranar da muka yi magana.

A kan gudummawa, shugaba da wani ɗaya suka ce naira 5,000 kowane gida. Uku suka ce 3,000. Na shida ya ce an ambaci duka biyun, bai san inda aka tsaya ba. Da na rubuta daga bakin shugaba da 5,000 ta shiga littafi, da na bi rinjaye da 3,000 ta shiga, kuma duka biyun da sun zama kuskure. Alat ɗin ma'aji ne ya buɗe hanya. Mutum bakwai sun riga sun biya, biyar 3,000, biyu 5,000, kuma biyun nan masu wankin mota ne da ke jan ruwa da yawa daga famfon. Na koma wurin ɗaya daga cikinsu na tambaye shi me ya sa ya biya biyar. Ya ce ai liman ne ya raba gardama, ya ce gida uku, mai sana'a da ruwa biyar, kowa ya yi na'am. Da na mayar da wannan ga sauran, kowanne shi kaɗai, huɗu suka ce tabbas haka ne. Shugaba ya tuna adadin da ya kawo da kansa, sauran sun tuna adadin da ya shafi aljihunsu. Babu maƙaryaci a cikinsu. Duk da haka na rubuta a gefen shafin cewa ni na tuna musu, domin yardar da aka samu bayan an tuna wa mutum ba ta kai ƙarfin wadda ya faɗa da kansa ba. Kuɗin da aka biya kafin a fara tambaya su ne hujjar gaske.

Batu na biyu ya fi wuya, kuma shi ya nuna mini cewa a cikin abubuwa ukun da muka rasa, rashin jerin sunaye da muƙamai ya fi ciwo. Kowa ya yarda an ce a je a ƙara jin farashi a wurin wani mai gyaran kafin a ba da aiki. Wa aka ce ya je? Huɗu suka ce, «Malam aka ce.» A ƙungiyarmu mutum uku ake kira Malam, har da ni. Mu Hausawa ba mu cika kiran manya da sunan yanka ba, Alhaji ne, Malam ne, Baba ne, Ciyaman ne, kuma a cikin zaure ido da nuni ke fayyace wanda ake nufi. Bayan kwana 11 idon da nunin sun tafi, laƙabin kaɗai ya rage. Na tambayi Malaman biyu, kowanne ya ce ya ɗauka da ɗayan ake. Shi ya sa har ranar ba wanda ya je.

A nan na tuna da ayar bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Ta yi umarni a rubuta bashi, a kafa shaidu, kuma ta ce wanda ake bi bashin shi zai yi shifta ga marubuci. Hikimar a bayyane take: wanda nauyi zai hau kansa shi ya kamata ya furta nauyin da bakinsa. Na ɗauki wannan a matsayin ƙa'idata. Ba zan rubuta cewa an ɗora wa wane aiki ba sai shi wanen ya ce e, na karɓa. Tunda ba wanda ya karɓa, abin da na rubuta shi ne: taro ya yarda a nemi farashi na biyu, amma ba a iya tabbatar da wanda aka wakilta ba.

Jerin muƙamai ba don ɗora aiki kawai ake buƙatarsa ba. Shi ke nuna nauyin kowace magana. In mai gyara ya ce a sayi sabon inji, shawarar baƙo ce. In ɗan kwamiti ya faɗa, wani ya mara masa baya, aka yarda, ya zama ƙuduri. Lafazin ɗaya ne, hukuncin daban. Mutane uku sun gaya mini an yanke a sayi sabon inji, sai da na bi diddigi na ga mai gyaran ne ya faɗa da ƙarfi, sau biyu, ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya nemi a amince. Shirun mutane ne ya koma yarda a ƙwaƙwalwarsu.

Sai batun bankin, wanda dominsa aka kira ni. Tsarin mulkin ƙungiyarmu ya ce duk hukuncin da ya shafi kuɗi sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan ƙungiya suna zaune lokacin da aka yanke shi. Mu 60 ne a rajista, ke nan ana buƙatar 20. Na ƙirga kawuna a hoton, 23. Da na ɗauki rajistar na bi su fuska-fuska, sai huɗu suka fita: mai gyara, da yaronsa, da ɗan mai unguwa wanda ya wakilci mahaifinsa, da wani baƙo da ya rako ɗan'uwansa. Saura 19. Na ƙara biyun da suka ce suna hanya, bayan na tabbatar sun iso, muka koma 21. Ni kaina ina cikin hoton, don na iso kafin a ɗauka. Ke nan lokacin da ake maganar gudummawa adadi ya cika. Amma batun canza mai sa hannu shi aka yi a ƙarshe, dab da magariba, kuma mutum uku sun gaya mini da bakinsu cewa sun tashi kafin a kai wurin, ɗaya ladan ne, biyu sun tafi rufe shago. Saura 18. Ko da kowa ya tuna abin da aka faɗa kalma-kalma, hukuncin bai zauna ba. Da na rubuta shafin nan ɗaya ranar Alhamis, da mun kai wa banki ƙudurin da duk ɗan ƙungiyar da ransa ya ɓaci zai iya rushewa.

Takardar da na miƙa ranar Lahadi ba ta ɗauke da kan «Rahoton Taro». Na rubuta a sama: bayanin da aka sake haɗawa game da taron ranar kaza, an rubuta shi ranar kaza. Ranakun biyu dole su fito, domin sa wa takarda ranar taro alhali bayan mako biyu aka rubuta ta, nan ne gyara ke komawa jabu. Haka ma zagayawa da takardar sunaye a sa mutane su sa hannu kamar a zauren suka sa. Ƙarƙashin kan na faɗi gaskiya a layi biyu, cewa ba a rubuta komai a lokacin taron ba, ga abubuwan da na dogara da su, ga mutanen da na tambaya. Sannan kowane batu na nuna ƙarfinsa a fili. Kuɗin aikin mai gyara, akwai takarda. Gudummawa, akwai shaidar biya da bakin mutum biyar. Wanda zai nemo farashi, ba a tabbatar ba. Sayen sabon inji, an kawo shawara, babu shaidar an amince. Mai sa hannu, adadi bai cika ba. Ban sa maganar kowa a cikin alamar zance ba, don ba ni da lafazin kowa. Daɗaɗɗen littafin ƙa'idojin taro na Henry Robert, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1876, ya tafi a kan cewa abin da aka aikata ake rubutawa, ba abin da kowa ya faɗa ba. Ga mai haɗa rahoto daga tunawa, wannan sauƙi ne babba, domin maganganun su ne suka fi saurin ɓacewa.

Takardar ba ta kai shafi ɗaya da rabi ba, kuma kusan rabinta giɓi ne da aka nuna. Mai karatu zai iya cewa to me aka samu? An samu sanin ainihin abubuwa uku da ke buƙatar a sake zama a kansu, maimakon a sake taron gaba ɗaya ko a yi kamar komai ya kammala. Shugaba ya kira gajeren zama ranar Laraba bayan isha'i. Takardar sunaye ta zaga tun farko, kowa da muƙaminsa, baƙi a ƙasa dabam. Mutum 26 suka zo. Na karanta bayanin, wani ya gyara mini abu ɗaya, cewa an ba da wa'adin biyan gudummawa zuwa ƙarshen wata, biyu suka tabbatar, aka ƙara. Aka amince da shi, aka liƙa a littafin taro. Aka ambaci sunan wanda zai nemo farashi, ya ce ya karɓa, zai kawo ranar Asabar. Aka sake kawo batun banki, aka ɗaga hannu, aka ƙirga. Duka bai wuce minti arba'in ba, kuma ƙudurin wannan daren shi aka kai banki, da ranarsa ta gaskiya.

Ba kowane taro ne ya cancanci wannan wahala ba, kada a ce na tsananta. In 'yan'uwa sun zauna kan wa zai kawo shinkafa ranar suna, saƙo ɗaya ya isa: ga abin da na fahimta, wanda ya ga kuskure ya gyara. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina, wannan takarda za ta motsa kuɗi, ko ta ba wani muƙami, ko ta ɗora wa wani laifi? In amsar e ce, ba a cike giɓi da zato. Akwai kuma iyakar da wannan hanya ba ta iya wucewa. Mu mun yi sa'a kwana 11 ne, kuma babu rigima a tsakaninmu. Inda an yi wata uku, ko an riga an fara jayayya kowa ya kama ɓangare, tunawar mutane ta riga ta bi ɓangarensu, tambaya ba za ta fito da komai ba sai matsayin da kowa ke kai yau. A irin wannan hali abin da takardu suka nuna kaɗai za a rubuta, sauran a sake zama. Wanda kuma bai halarci taron ba sam, aka ba shi ajanda aka ce ya tsara rahoto, bai kamata ya karɓa ba ko kaɗan, don abin da zai fito daga hannunsa shaci-faɗi ne da hatimi a kai.

Kira na ga shugabanni ne, masu ɗaga waya su nemi shafi ɗaya. Yaron da ka kira yana jin nauyinka, da wuya ya ce maka ba zai iya ba, zai je ya rubuto abin da yake ganin kana so, ku duka ku sa hannu. Kafin ka nema, ka tambaye shi me yake da shi a hannu. In ya ce babu komai, ka ba shi sunayen waɗanda suka zo da matsayin kowa, ka ba shi kwana biyu ko uku, ka kuma yarda ya dawo maka da takarda mai giɓi. A taro na gaba kuma, bayan addu'ar buɗewa, kafin ka fara jawabi, ka duba zauren ka tambaya da suna: yau wa ke rubutawa?